Sanyi da asuba, zafi da azahar: tambayoyi da amsoshi kan saka kaya a hunturu ba tare da mutum ya kumbura ba

Duk shekara da zarar iskar hunturu ta kaɗa tambayoyin nan ne dai suke dawowa, daga maza da mata, musamman masu fita da sassafe waɗanda ba za su sake ganin gida ba sai la'asar ko magariba. Na tara su wuri ɗaya, wasu na amsa a taƙaice wasu kuma na ɗan ja su saboda nan ne gizo ke saƙar.

Wai me yasa kayan da suka min daidai da asuba suke zame min azaba da azahar?

Saboda yanayi biyu kake shiga a wuni ɗaya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara, kusan babu laima a cikinta, kuma iskar da ba laima bata riƙe zafi. Da rana ta faɗi zafin da ƙasa ta kwasa sai ya fice, a yi ta hucewa har zuwa dab da fitowar rana, shi yasa sanyin ya fi cizo daga kiran assalatu zuwa wajen ƙarfe 7. Rana na ɗagawa kuma sai ƙasa ta sake ɗaukar zafi da sauri. A Kano cikin Janairu asuba takan sauka wajen digiri 13, da rana kuma a kai wajen 30, kaga tazarar ta fi digiri 15 a cikin awa bakwai ko takwas. Babu wata riga guda ɗaya a duniya da zata yi maka daidai a duka biyun, duk wanda ya ce maka akwai to kaya yake son sayar maka.

Sai dai ranar da hazo ya yi kauri rana bata samun dukan ƙasa sosai, irin ranar nan zaka iya wuni da rigar sanyinka har azahar baka ji komai ba. In ka leƙa da safe kaga garin ya yi fari baka hango ƙarshen layinku, to zafin rana zai yi sauƙi. In kuma sama ta yi garau taurari tar da asuba, sanyin safen zai fi tsanani kuma ranar ma zata fi zafi, irin wannan ranar ce tafi buƙatar dabara.

Wanne ya fi, riga ɗaya mai kauri ko sirara guda biyu ko uku?

Sirara, ba ma kusa ba. Ita riga ai bata kawo ɗumi da kanta, jikinka ne ke fitar da ɗumin, aikinta kawai ta tsare iskar da jikin ya ɗumama kada ta gudu. Tsakanin riga da riga akwai 'yar iska da ke maƙalewa, to wannan ita ke yin aikin, shi yasa sirara biyu sukan yi abin da mai kauri ɗaya ke yi koma fiye. Ga kuma babban dalilin, mai kaurin nan ko dai tana jikinka ko bata jikinka, babu tsaka-tsaki, ƙarfe 9 na safe in ka cire ta sanyi in ka bar ta zufa. Sirara kuwa ɗaya bayan ɗaya kake rage su yadda rana ke ɗagawa.

Hawa uku ya isa a yawancin garuruwanmu, kuma kowanne da aikinsa. Ta ciki mai kama jiki wadda ke hana iska yawo a kan fata, sai kayanka na fita wato kaftani ko atamfa ko abaya ko riga da wando, sai ta sama wadda ke tare iska kuma ita ce zata fara sauka. Wanda ya kai hawa huɗu ko biyar galibi ba sanyin ne ya yi yawa ba, wani wuri ne ya bari a buɗe, wuya ko kunne ko ƙafa, yana ta lafta wa ƙirji kaya alhali ba ta nan sanyin ke shiga ba.

Ni kaftani nake sawa kullum. Suwaita a ciki zan sa ko a waje?

Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce muhimmanci a wajena, don a nan yawancin mutane ke kwafsawa. Kayanmu dogaye ne kuma ta kai ake zura su, kaftani, jallabiya, doguwar riga, hijabi, duk haka. Wanda ke sa shat mai maɓalli zai iya shiga bayi ya cire ta ciki cikin minti ɗaya, amma kai da ka sa suwaita mai kauri a ƙarƙashin kaftanin shadda mai guga, a ina zaka tuɓe? A ofis ko a shago ko a aji? Sai ka cire hula, ka zare kaftani ta kai, ka cire suwaita, ka mayar, gugar ta lalace, kuma yawancin mutane kunya ko ƙiwa bata barinsu su yi, sai su haƙura su wuni suna dahuwa a ciki har su dawo gida da ciwon kai.

Ƙa'idar da nake bi ita ce, duk abin da zai shiga ƙarƙashin kaftani to ya zama abin da zaka iya wuni da shi har ƙarfe 2 na rana ba tare da ya dame ka ba. Duk abin da ka san zaka buƙaci cirewa to a waje zai zauna, kuma ya zama mai buɗewa ta gaba, zif ko maɓalli. A ciki siririyar riga mai dogon hannu ta auduga wadda ke ɗan miƙewa ta kwanta a jiki, kaurinta kada ya wuce na singileti mai kyau. A waje falmaran, ko 'yar jaket mara cika, ko suwaita mai zif.

Falmaran kam ban san dalilin da yasa samari suka bar wa dattawa ita ba. Ita ce ta fi dacewa da kaftani a cikin duk abin da na lissafa, ta rufe ƙirji da baya inda ɗumin yake, ta bar hannu sakayau babu cunkoso a hammata, kuma ko ka shiga taro da ita ba wanda zai ce rigar sanyi ka sa, ado zai gani. A ɗinka ta da yadi mai ɗan nauyi a sa mata shafi a ciki, tsawonta ya tsaya daidai ƙugu ko ya ɗan wuce kaɗan.

A ba ni misali dalla-dalla, ina fita 6 da rabi a babur, ina dawowa 4 na yamma.

To mu ɗauka ma'aikaci ne kai, tafiyar minti 20 ko 25 a babur, ofis babu na'urar sanyaya ɗaki sai fanka, kuma da azahar zaka taka zuwa masallaci cikin rana.

Daga ciki, siririyar riga mai dogon hannu, ka cusa ta cikin wando don kada iska ta samu hanya ta ƙasa. Kada ka ƙara singileti a ƙarƙashinta, ita ce singiletin yau. Sai kaftanin yadi mai matsakaicin nauyi, ba boyel ba, boyel na bazara ne iska ratsa shi take kai tsaye. Sai jaket siririya mai santsin baya irin wadda iska bata ratsawa, mai zif har wuya. Ka lura ban ce suwaita ba, don a kan babur iskar ce abokiyar gabarka, suwaita saƙa ce mai ƙofofi, komai kaurinta iska zata bi ta ciki ta kwashe ɗumin, amma 'yar jaket ɗin nan da bata kai nauyin suwaitar ba sai ta fi ta aiki nesa ba kusa ba. Sai hirami ka naɗe wuya ka ja shi ya rufe hanci da kunne, ya tare maka ƙura ma. Safa a ƙafa da takalmi rufaffe, safar hannu in kai ke tuƙi.

Ka isa ofis wajen 7, abu na farko ka zuge zif ka sassauta hirami, kada ka jira sai ka ji zafi. Wajen 9 jaket ta sauka, hirami ya koma kafaɗa ko jaka. Daga 11 zuwa la'asar kana cikin kaftani da 'yar ta ciki kawai, ita kuma da yake auduga ce siririya kuma iskar garin busasshiya ce, ɗan gumin da zaka yi bushewa zai riƙa yi nan take. Lokacin alwala sai ka ture hannunta sama tare da na kaftanin, shi yasa nace mai miƙewa, wadda bata miƙewa zata tsaya maka a damtse ta ƙi wuce gwiwar hannu. Ƙarfe 4 zaka hau babur ba jaket. In wani abu ya tsare ka har bayan isha'i sai ka ciro ta, don sanyin dare da wuri yake sauka.

In ka gwada haka ka ji har yanzu sanyi na dukanka a babur, kafin ka ƙara riga duba wurare uku, bakin hannun jaket ko a sake yake iska na shiga, wuyan ko a buɗe yake, da kuma ƙasan jaket ɗin ko iska na ɗaga ta. In kuma da rana ka ji ta cikin ta dame ka, bayanka ya jiƙe ya ƙi bushewa, to a duba ta, wataƙila ta yi kauri ko kuma yadinta ba ya barin iska ta ratsa.

Me ke sa mutum ya kumbura ne? Ni siriri ne amma da na sa kayan sanyi sai na koma wani iri.

Wurare huɗu ne ke tona asiri, hammata, ƙugu, wuya da bakin hannu. Kuma dalilin kusan ɗaya ne, an sa abu mai faɗi a ƙarƙashin abin da bai kai shi faɗi ba. Rigar ciki in ta fi ta sama yalwa dole ta tattare, ita tattarar ce ake gani daga waje kamar an cusa filo a riga. Tsarin shi ne ta ciki ta fi kowacce kama jiki da sirantaka, kowacce ta biyo baya ta ɗan fi ta ƙarƙashinta yalwa. Da yawa suna juya abin, su ɗauko tsohuwar tishat ɗin da ta saki ta yi musu yawa su sa a ciki wai ai ba mai gani. Ana gani.

Hammata ta fi ko'ina wahala musamman yanzu da ake yayin ɗinki mai kama jiki. In zaka ba da ɗinkin da ka san a hunturu zaka sa shi, gaya wa tela tun wajen awo, ko ma ka je da rigar cikin a jikinka ya auna a kanta. Ya ƙara inci 1 zuwa 1 da rabi a zagayen ƙirji, ya ɗan sauke hammata kamar rabin inci, kafaɗa kuma ya bar ta yadda take, don da kafaɗa ta zarce shikenan rigar ta zama ta aro. Gwajin mai sauƙi ne, ka sa duka kayan ka ɗaga hannu biyu sama sannan ka rungume ƙirjinka, in ka ji baya na ja ko kaga yadin ya yi layi-layi daga hammata zuwa ƙirji to wurin ya cushe.

A ƙugu kuma, yawancin suwaita suna da roba a ƙasa wadda ke tattarewa ta yi tudu daidai inda tazugen wando yake, sai tumbin da baka da shi ya fito. Wannan ma wani dalili ne na barin suwaita a waje. Wuya kuwa, nemi rigar ciki mai wuyan V ko mai faɗin wuya yadda ba zata leƙo ta saman kaftani ba, aikin da aka yi wa wuyan riga ba ya kyau da wata baƙar riga na leƙe a bayansa. Hannunta kuma ya gaza na kaftanin da kamar inci 1.

Sannan kada a haɗa mai cika sama da mai cika ƙasa. In jaket ɗin tana da ɗan jiki to wandon ya zama madaidaici, in babbar riga ce a sama to duk abin da ke ƙarƙashi ya lafe. Tsawo ma yana da nasa, jaket ɗin da ta tsaya a ƙugu a kan dogon kaftani ta fi kyan gani a kan wadda ta sauko tsakiyar cinya ta raba mutum biyu.

Mu mata fa? Ɗinkin atamfa ya kama jiki babu wurin sa komai a ciki.

Gaskiya ne, rigar atamfa ko leshi da aka ɗinka daidai jiki bata karɓar baƙo, kina cusa wani abu a ciki zif ɗin baya zai fara gaya miki. Zaɓi biyu ne. Ko dai ki sa irin siririyar nan mai kama jiki mai faɗin wuya wadda bata ƙara komai, ko ki bar rigar yadda take ki kai ɗumin waje. Ni na fi son na biyun in rigar mai ƙaramin hannu ce, don dogon hannun ta ciki yana leƙowa daga hannun atamfa ba kasafai yake kyau ba sai in kalar ta shiga cikin zanen atamfar sosai.

Mai sa hijabi tana da wata sa'a da maza basu da ita. Ki sa suwaita siririya mai maɓalli ko zif a kan rigarki, hijabi a sama. Hijabin ya rufe kai da kunne da wuya ya kuma rage iska, suwaitar na riƙe ɗumi a ƙarƙashi, babu mai ganinta. Rana na yi sai ki zura hannu ki ɓalle ta ki zare ta ƙarƙashin hijabin kina zaune a kujerarki ba tare da kin cire komai ba, ki ninke ki jefa jaka. Amma sai mai buɗewa ta gaba, wadda ake zurawa ta kai zata sa ki neman ɗaki. Kuma ki guji mai hula a baya, wannan hular ce ke yin tozo a ƙarƙashin hijabi. Mai kumfa a kafaɗa ko manyan aljihu ma haka.

Mai mayafi kuma, a ajiye shara-sharan nan na kwalliya zuwa rana, da safe a yafa mai ɗan kauri. Mayafi biyu a jaka ba su kai nauyin suwaita ɗaya ba. Buɗaɗɗiyar abaya a kan doguwar riga ita ma tana yin aikin da falmaran ke yi wa maza, kuma da yake a tsaye take zubowa har ƙasa sai ta ƙara wa mutum tsawo a ido maimakon faɗi.

Abin da mata suka fi mantawa shi ne ƙasa. Zani da siket da abaya duk a buɗe suke ta ƙasa, iska ta nan take hawowa, sai kiga mace ta lafta kaya a sama tana rawar ɗari alhali ƙafafunta ne a waje. Siririn dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashi ya fi ƙarin suwaita amfani, kuma ba ya ƙara faɗin ƙugu in robarsa shimfiɗaɗɗiya ce. In kin sa shi kada ki ƙara siket ɗin ciki a kai, ɗaya ya isa, biyun ne ke tara kaya a ƙugu har ɗaurin zani ya yi tudu.

Wane irin yadi zan nema, kuma ya zan gane shi a gwanjo?

Na jikin fata auduga, ko auduga da aka ɗan gauraya da zaren roba kaɗan don ta miƙe. A ƙasashen da ake ƙanƙara ana hana mutane sa auduga a ciki saboda in ta jiƙe da gumi bata bushewa sai ta sanyaya jiki, to wannan shawarar tasu ce, mu nan a hunturu wanki ma kafin ka juya ya bushe, kuma rabin wuninmu zafi ne, auduga ta fi mana. Irin rigunan cikin nan masu gashi-gashi daga ciki da ake yi don ƙasashen sanyi kuwa kada ka sa su ƙarƙashin kayan fita, da asuba zaka sa musu albarka da azahar ka tsine musu. Na kwana ne ko na mai gadi.

Na waje, ulu na gaske siriri ya fi komai, yana da ɗumi ba kauri kuma ba ya saurin ɗaukar wari. Yawancin suwaitar da ke kasuwa akirilik ce, tana da araha da ɗumi daidai gwargwado amma sai ta yi kauri kafin ta kamo ulu, kuma tana saurin yin ƙulli-ƙulli. In ka shiga gwanjo irin na Ƙofar Wambai a Kano, fara duba 'yar takardar da ke wuya ko gefen ciki, a nan ake rubuta abin da aka saƙa ta da shi. Sannan ka dunƙule rigar a hannu, wadda ta dunƙule ta yi ƙarama ita ce zata shiga jaka kuma ita ce ba zata kumbura ka ba. Jaket kuma ka kara yadin a baki ka hura, in ka ji iskar ta fita ta ɗaya gefen a sauƙaƙe to haka iskar babur ma zata shigo.

Wani abu da ya kamata a sani game da poliyesta da akirilik, in suka haɗu da wuta narkewa suke su manne a fata. Lokacin sanyi kuma lokacin jin ɗumi ne, ana zagaye gawayi ko itace, ga dogon hijabi ga yara da suwaita. A ja baya da wuta in irin waɗannan ne a jiki, mai girki kuma ta cire hijabin ko ta tattare shi sosai.

Me yasa hijabina ke manne min a jiki yana ƙara ƙas-ƙas, wani lokacin har ya ja ni kamar lantarki?

Ai lantarkin ne, ɗan kaɗan. Yadin roba in yana gogar wani yadin cikin busasshiyar iska yana tara caji, da damina laima ke kwashe shi, a hunturu babu mai kwashewa. Yana da alaƙa da maganarmu don yadin da ya manne ba ya zubowa yadda ya kamata, sai ya fito da shatin duk abin da ke ƙarƙashi. Kada ki jera roba kan roba, in hijabin poliyesta ne abin da ke ƙarƙashinsa ya zama auduga. Ki shafa mai sosai a ƙafa da hannu kafin ki sa kaya, busasshiyar fata na ƙara abin. In ya kama ki a waje ki ɗan jiƙa tafin hannu ki shafa ta cikin yadin, zai saki.

Ranar Juma'a ko ɗaurin aure da safe, babbar riga kaɗai ta isa?

Sau da yawa ta isa, don ita kanta hawa uku ce in ka lissafa ta ciki da 'yar ciki da babbar rigar. Matsalar shadda mai sitati ita ce sanyin taɓawa da asuba, kuma gefen babbar riga a buɗe yake. Siririyar mai dogon hannu a ciki ta magance duka biyun. Jaket a kan babbar riga kam don Allah a bari, suwaita a ƙarƙashinta kuma zaka gane kurenka in aka idar da sallah ana gaisawa a rana. In farar shadda ce, ta cikin ta zama kalar da ta yi kusa da fatarka, ruwan ƙasa misali, fara ƙal a kan baƙar fata shatinta ya fi fitowa ta cikin farin yadi.

To abin da na cire a ina zan sa shi?

Tun a gida zaka amsa wannan. In ba zai shiga jakarka ko ƙarƙashin kujerar babur ko aljihun tebur ba, kada ka fita da shi, don ƙarshenta ko ka wuni da shi a jiki ko ka manta shi a adaidaita sahu. Naɗe shi zaka yi kamar tabarma maimakon ninkewa, ya fi cin wuri kaɗan, ka sa a leda saboda ƙura. Mai zama wuri ɗaya kullum ya ajiye suwaita ɗaya can wajen aikin ya huta da jigila.

Yara 'yan makaranta fa, ana ta cusa musu kaya ƙarƙashin yunifom?

Su ne suka fi shan wahalar wannan kuskuren, don babba zai iya cewa zafi nake ji ya nemi mafita, yaro ɗan shekara 5 sai dai ya yi ta guje-guje lokacin tara da riga uku a ƙarƙashin yunifom, ya jiƙe sharkaf, ba wanda zai tuɓe shi. Siririya ɗaya a ciki, yunifom, sai suwaita mai zif a sama wadda shi da kansa zai iya zugewa, a gwada shi a gida a gani ko yana iyawa. Hular sanyi da safa, su ma yana iya cirewa ya sa a jaka. A rubuta sunansa a cikin wuyan suwaitar, don rabin ajin irinta ɗaya suka sa. In ya dawo ki sa hannu a bayan wuyansa ta cikin riga, in da danshi ko kika ga ƙuraje ƙanana na zafi a baya da ƙirji to kayan sun yi yawa, gobe a rage ɗaya.

Akwai ruwan kala a ciki?

Akwai, ta fuska biyu. Baƙi da shuɗi mai duhu suna rage wa mutum faɗi a ido amma suna zuƙar zafin rana, kuma ƙurar hunturu a kansu ta fi nunawa, kafin azahar kafaɗa ta yi fari. Fari kuma jan ƙasa ke bayyana a kai, wuya da bakin hannu. Shi yasa mai duhun ya fi dacewa da ta waje wadda zata sauka kafin rana ta yi, kayan wunin kuma su zama ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan madara da makamantansu. In ta sama da ta ƙasa kalarsu ta yi kusa da juna ido ba ya tsayawa a inda suka haɗu, sai mutum ya fito a miƙe. Sannan ka bar man da ka shafa ya ɗan shiga jiki kafin ka sa kaya, basilin ko man kaɗanya in ya taɓa wuyan shadda ƙura ta hau kai, tabon sai an sha wuya.

Wannan tsarin zai yi a ko'ina kuma har ƙarshen hunturu?

A'a, sai an ɗan taɓa shi. Jos da sauran wuraren da ke kan tudu sanyinsu ya fi, asuba kan sauka ƙasa da digiri 10 a wasu ranakun kuma ranarsu bata zafi kamar ta Sakkwato ko Maiduguri, a can zaka iya barin siririyar suwaita a jiki har yamma, ita jaket ce kawai zata sauka. Masu fita asuba sosai ko masu doguwar tafiya a buɗaɗɗiyar mota su ƙara siririn wando a ƙarƙashin na fita, amma su san cewa shi ma ba a cire shi a hanya, don haka sai siriri na auduga.

Lokaci ma yana canza lissafin. Disamba da Janairu ne tsakiyar abin. Daga tsakiyar Fabrairu zaka ga safiya na nan da ɗan sanyinta amma rana ta fara nuna halin bazara, to abin da zaka fara ajiyewa shi ne ta ciki mai dogon hannu, ka koma singileti, ka riƙe ta wajen da hirami tunda su ana iya cire su ƙarfe 8. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su ajiye jaket su bar ta cikin, sai su sha sanyi a babur da safe kuma su sha zafi da rana. Kafin ka adana suwaitar ulu ka wanke ta da ruwan sanyi a hannu, kada ka murɗe ta, ka shanya ta a shimfiɗe a inuwa don in ka rataye ta a igiya da ruwa a jikinta zata zazzago ta yi tsawo, baɗi ka ɗauko ta ka tarar kafaɗar ta sauko damtse.